Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Lafiya: A Raba Tsofaffinmu Da Ƙwayar Glibenclamide

Mai Girma Minista,

Na rubuto ne a kan wata ƙwayar magani da ake rubuta wa masu ciwon sukari a asibitocinmu, ake kuma sayar da ita a kemis-kemis na unguwanni. Sunanta a jikin kwali glibenclamide, jama'a da yawa sun fi saninta da Daonil. Tana cikin dangin magungunan da ake kira sulfonylurea, tare da gliclazide da glimepiride da glipizide da tsohuwar chlorpropamide. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma abin da nake so in gabatar maka shi ne cewa wannan ƙwaya, da take da araha take kuma sauke sukari da gaske, tana jefa dattawa cikin faɗuwar sukari mai iya kisa, kuma ofishinka yana da ikon rage wannan ba tare da kashe wasu kuɗi masu yawa ba.

Na san ba sai na koya maka aikin likita ba, ranka ya daɗe. Amma wasiƙar buɗaɗɗiya ce, 'ya'ya da jikokin da suke miƙa wa iyayensu maganin nan safe da yamma su ma za su karanta, don haka ka yi mini haƙuri in fara daga tushe.

A cikin mutum, bayan tumbi, akwai gaɓar da ake kira fankiriyas, ita ce take fitar da insulin. A jikin mai lafiya, tana fitar da shi ne gwargwadon sukarin da ke cikin jini. In an ci abinci sukari ya hau, sai wasu 'yan ƙofofi da ke jikin ƙwayoyin halittar gaɓar, waɗanda sinadarin fotasiyam yake fita ta cikinsu, su rufe, rufewar tasu ce take sa insulin ya fito. In sukari ya sauka, ƙofofin su buɗe, insulin ya tsaya. Abin da sulfonylurea take yi shi ne ta je ta rufe ƙofofin nan da kanta, ba tare da ta jira sukari ya hau ba. Ko mutum ya ci tuwo ko ya kwana da yunwa, insulin yana ta zuba, kamar famfon da makunninsa ya lalace, ko randa ta cika ko ba ta cika ba. A nan ta bambanta da metformin, wadda ba ta tilasta wa jiki fitar da insulin, shi ya sa da wuya ita kaɗai ta kayar da sukari ƙasa da ƙima.

Tun ranar da aka gano dangin maganin nan aka san halinsa. A shekarar 1942, a garin Montpellier na Faransa, wani likita mai suna Marcel Janbon yana gwada wani sabon magani a kan masu zazzaɓin taifot, sai ya ga marasa lafiyar suna suma, wasu ma suka rasu, aka bincika aka tarar sukarinsu ne ya faɗi. Daga wannan aka samo hanyar yin maganin ciwon sukari na sha. Wato faɗuwar sukari ba wata illa ce da take zuwa daga gefe ba, ainihin aikin maganin ne in ya wuce gona da iri.

To me ya sa abin ya fi tsanani ga tsoho? Dalili na farko yana ƙoda. In aka sha glibenclamide, hanta ce take sarrafa ta, amma abubuwan da take rikiɗewa ta zama su ma suna da ƙarfin sauke sukari, kuma kusan rabinsu ta fitsari suke fita. Ƙodar ɗan Adam kuwa tana rage aiki a hankali tun daga wajen shekara 40, ko da ba shi da wata cuta. Mai ciwon sukari da hawan jini, tasa ta fi saurin gajiya. Saboda haka ƙwayar da ya kamata aikinta ya ƙare cikin yini guda sai ta daɗe a jikin tsoho, ta gobe ta zo ta tarar da ragowar ta jiya, suna taruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar gwaji tana iya ɓoye wannan. A asibiti ana auna sinadarin kiriyatinin a jini don a san lafiyar ƙoda, amma daga tsoka yake fitowa, tsoho kuwa tsokarsa ta zube. Sai a ga lambarsa daidai, alhali ƙodar ta yi nisa. Akwai lissafi mai sauƙi da ake kira Cockcroft-Gault, wanda kowane ma'aikacin lafiya zai iya yi a wayarsa:

```
(140 − shekaru) × nauyi (kg) ÷ (72 × kiriyatinin mg/dL)
mace: × 0.85
```

A ɗauki misalin wata dattijuwa mai shekara 74, nauyinta kilo 52, kiriyatinin ɗinta 1.1. Duk wanda ya kalli takardar zai ce ba laifi. Amma in aka yi lissafin, ƙodarta tana tace mililita 37 ne kacal a minti ɗaya. Ɗanta mai shekara 40 da nauyin kilo 80, in aka samu lamba iri ɗaya a takardarsa, tasa ƙodar tana tace kusan mililita 100. Lamba ɗaya ce, amma tata ƙodar aikinta bai kai kashi biyu cikin biyar na tasa ba. In an ba su ƙwaya mai miligiram 5 su biyun, ba magani ɗaya suka sha ba.

Dalili na biyu shi ne tsoho ba ya samun gargaɗi a kan lokaci. Matashi in sukarinsa ya fara sauka, jikinsa yana sanar da shi: rawar hannu, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani. Wannan ne yake sa ya nemi abin sa wa baki kafin kansa ya juye. A wani bincike da aka buga a mujallar Diabetes Care a 1997, an sauke sukarin wasu maza masu lafiya a hankali, matasa da dattawa. Matasan sun fara jin alamu tun sukari yana wajen 3.6 mmol/L, ƙwaƙwalwarsu ba ta fara rauni ba sai a wajen 2.6. Su kuwa dattawan, jin alamun da raunin ƙwaƙwalwar duka a wajen 3.0 suka zo tare. Tazarar da matashi yake da ita don ya ceci kansa, tsoho ba shi da ita. Lokacin da zai gane akwai matsala, hankalin da zai nemi sukari da shi ya riga ya gushe. In kuma yana shan atenolol ko propranolol saboda hawan jini ko zuciya, waɗannan suna ƙara danne bugun zuciyar da rawar hannun.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiyar sukari, abin da jini ya kawo mata a lokacin da shi take aiki. Shi ya sa a wurin dattijo abin yakan fito da kamannin wata cuta daban. Ya riƙa sambatu, ya kasa gane jikokinsa, ya yi faɗa ba dalili, harshe ya yi nauyi, ya faɗi a bayan gida ƙugu ya karye, wani lokaci ma ɓarin jiki ɗaya ya saki kamar mai shanyewar jiki. A gida sai a ce ruɗin tsufa ne, ko iska ce, a kira mai ruƙiya. Ba na ganin laifin iyali a nan, domin ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ƙwayar da suke ba shi da hannunsu tana iya kawo haka.

Bari in koma ga dattijuwar misalinmu, domin a ga yadda abubuwan suke haɗuwa. A ce shekaru da dama tana shan glibenclamide miligiram 5 safe da yamma ba ta taɓa samun matsala ba. Sai ta kamu da ciwon sanyi na mafitsara, ga zazzaɓi. Jikanta ya je kemis aka haɗo masa Septrin da diclofenac. Bakinta ya yi ɗaci, tuwo ya gagara, sai ɗan koko take kurɓa. 'Yarta, saboda kulawa, ba ta bari maganin sukari ya wuce ko sau ɗaya, don likita ya ce kada a riƙa fashi. Yanzu a duba abin da ke faruwa a jikinta. Septrin yana toshe hanyar da hanta take bi ta karya glibenclamide, sai yawansa ya hau a jini. Diclofenac da ƙarancin ruwan jiki sun ƙara danne ƙodar da dama can rauni gare ta. Abinci ba ya shiga. Insulin kuwa bai daina zuba ba. Rana ta uku da asuba aka tashe ta salla ta kasa tashi, tana gurnani, hannun dama ya saki. Kowa ya ce shanyewar jiki ce.

In Allah ya sa asibitin da aka kai ta akwai na'urar gwajin sukari da tsinkenta, cikin minti ɗaya za a ga 2.1 mmol/L, wato kusan 38 mg/dL. Duk abin da ya yi ƙasa da 3.9, ko 70 a ɗaya ma'aunin, faɗuwar sukari ce, ƙasa da 3.0 kuwa haɗari ne sosai. A sa mata ruwan sukari ta jijiya, cikin 'yan mintoci ta buɗe ido, ta gane mutane, hannun ya dawo. Iyali su yi hamdala. In kuma babu tsinken gwajin, za a rubuta shanyewar jiki a kati, a tura ta babban asibiti, sa'o'i suna wucewa ƙwaƙwalwa tana lalacewa.

Amma ko an gano an kuma farfaɗo da ita, akwai wani rami a gaba, kuma nan ne nake roƙon ka fi mai da hankali. Ganin ta warware tana magana, sai a sallame ta da rana. Alhali maganin yana nan daram a jikinta, zai kuma kai yini ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, kafin ƙodarta ta fitar da shi. Ruwan sukarin da aka sa mata ma yana ƙara zaburar da fankiriyas ta fitar da wani insulin ɗin. Da tsakar dare sukari ya sake faɗuwa, kowa yana barci, ita ma ana zaton barci take yi. Saboda haka ƙa'idar da aka sani ita ce duk tsohon da sulfonylurea ta sumar a kwantar da shi aƙalla sa'a 24, sau da yawa har 48, a dakatar da ƙwayar, a ci gaba da ƙarin ruwan sukari mai kashi 10 cikin ɗari, ana auna jini bayan kowace sa'a ɗaya ko biyu, ana ba shi abinci da zarar ya iya ci. In sukarin ya ƙi tsayawa, akwai allurar octreotide da take hana fankiriyas fitar da insulin, wadda ya dace a ce manyan asibitocinmu suna ajiye da ita.

Ba Septrin kaɗai ba ne. Ciprofloxacin da clarithromycin da fluconazole duk an san suna ƙara wannan haɗari. Kwinin shi da kansa yana sa jiki ya fitar da insulin, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma yana cinye sukari. A ƙasar da tsoho ba ya rabuwa da zazzaɓi kowace damina, kuma kemis ne asibitinsa na farko, wannan haɗuwa ba baƙuwa ba ce.

Sai maganar azumi, wadda ba zan tsallake ba domin tsofaffinmu sun fi kowa riƙo da shi. Binciken EPIDIAR da aka buga a 2004, wanda ya duba Musulmi masu ciwon sukari sama da 12,000 a ƙasashe 13, ya nuna cewa a cikin masu nau'i na biyu na ciwon, mummunar faɗuwar sukari ta ninka sau bakwai da rabi a watan Ramadan. Jagororin da ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta fitar kan azumi sun ce a guji glibenclamide, kuma duk wanda sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 mg/dL ya karya azumin. Mu kuma a nan ba Ramadan kaɗai ba ne. Akwai Litinin da Alhamis, akwai Sitta Shawwal, kuma dattijuwa ba ta zuwa asibiti ta nemi shawara kafin azumin nafila. Ta haɗiyi ƙwayarta da sahur, la'asar ta same ta a kwance. Malamanmu sun san addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Abin da suke buƙata daga ma'aikatarka shi ne bayanin wane magani ne yake da wannan hali.

Mai Girma Minista, abin da nake faɗa ba sabon ra'ayi ba ne. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama, aka buga a 2007, ya gano cewa masu shan glibenclamide sun fi masu shan sauran 'yan uwanta na sulfonylurea haɗarin faɗuwar sukari da kashi 83 cikin ɗari. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gliclazide a jerin muhimman magungunanta, ta kuma rubuta ƙarara cewa glibenclamide ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta daɗe da sa ta cikin magungunan da za a guje wa ga dattawa, a 2023 kuma ta faɗaɗa gargaɗin ya shafi dangin baki ɗaya, sai in babu wata mafita. Fiye da shekara goma ke nan da maganar Hukumar Lafiya ta Duniya, amma har yau takardun magani suna zuwa gabanmu da sunan glibenclamide ga mutanen da suka ba saba'in baya, wani lokaci a ɓoye cikin ƙwaya ɗaya da aka haɗa ta da metformin.

Na san amsar da za a bayar, kuma ba na raina ta: araha. Sababbin magunguna irin su sitagliptin da linagliptin, da ba su cika kayar da sukari ba, sun fi ƙarfin aljihun mafi yawan 'yan fansho da manoma. Shi ya sa ba na cewa a kori sulfonylurea gaba ɗaya. Gliclazide 'yar gida ɗaya ce, tsohon magani ne da kamfanoni da yawa suke yi, kuma hanta tana karya ta zuwa abubuwan da ba su da ƙarfin sauke sukari, don haka raunin ƙoda ba ya tara ta kamar waccan. Ana iya fara ta da miligiram 40, rabin ƙwaya, tare da abincin safe, a ƙara a hankali. Ita ma tana iya kayar da sukari in ba a ci abinci ba, kada a ɗauka ta kuɓuta, amma haɗarinta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Metformin kuma tana nan a matsayin maganin farko, sai dai a rage ta in tacewar ƙoda ta yi ƙasa da 45, a daina in ta yi ƙasa da 30. Dattijuwar misalinmu, mai 37, rabin adadi ne nata.

Akwai kuma wata ɗabi'a a tsakaninmu ma'aikatan lafiya da ya kamata ta canza, ta ɗaukar cewa iya saukar sukari iya nasara. Ga ɗan shekara 45, matse sukari yana kare masa ido da ƙoda shekaru masu zuwa. Ga ɗan shekara 80 mai ciwon zuciya, amfanin yana nesa, haɗarin kuwa yana daren yau. Gwajin ACCORD na Amurka, da aka nemi sauke HbA1c, wato ma'aunin matsakaicin sukarin jini, ƙasa da kashi 6, dakatar da wannan ɓangaren nasa aka yi a 2008 saboda mace-mace sun fi yawa a cikin waɗanda aka matsa wa. Jagororin yanzu sun yarda dattijo mai cututtuka da yawa ya tsaya ƙasa da kashi 8. Tsohon da yake shan glibenclamide aka ga HbA1c ɗinsa 6.2, ba yabo yake buƙata ba, rage masa magani ya kamata a yi, domin wataƙila sukarinsa yana faɗuwa cikin dare ba wanda ya sani.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ma'aikatarka ta fitar da umarni a rubuce zuwa asibitocin tarayya, ta kuma isar da shi ga kwamishinonin lafiya na jihohi, cewa kada a fara wa wanda ya haura shekara 60 glibenclamide ko chlorpropamide, waɗanda suke kai kuma a sauya musu a zuwansu na gaba, bayan an yi lissafin ƙodarsu. Umarni kaɗai ba zai isa ba in kantin asibiti babu abin sauyi, don haka a tabbatar gliclazide tana cikin abin da ake sayowa da abin da inshorar lafiya take biya. A sa na'urar gwajin sukari da tsinkenta da ruwan sukari na jijiya cikin kayan da ba a yarda su yanke ba a kowane asibitin matakin farko, a kuma koya wa ma'aikata cewa duk tsohon da aka kawo a ruɗe ko a sume ko ɓarin jiki ya saki, sukarinsa ake fara aunawa kafin a sa wa ciwon suna. Hukumar da take kula da masu harhaɗa magunguna da masu kemis ita ma ta ja kunnen masu sayarwa, su riƙa tambayar dattijo ko yana shan maganin sukari kafin su miƙa masa Septrin.

Sannan a yi wa iyalai bayani da harshen da suke ji, a rediyo da jikin ledar magani. Bayanin ba shi da tsawo. In tsoho ba ya iya cin abinci, ko yana amai da gudawa, kada a ba shi wannan ƙwayar a ranar, a kai shi asibiti a auna. In ya fara gumi ko sambatu kuma yana iya haɗiya, a dama masa sukari cokalin cin abinci ɗaya a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a sake bayan minti 15 in bai warware ba, a biyo da abinci, sannan a tafi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki don kada ya shaƙe, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi, a tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha.

Ina roƙon a fitar da wannan umarni kafin azumi mai zuwa ya kama. Allah ya taya ka riƙo, ya ba iyayenmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani mai harhaɗa magunguna, daga Kano